Wasiƙar Malam Alli da Ɗalibai Arba'in

Shekara ashirin da uku ina kula da ɗakin gwajin lantarki na sashen injiniya a jami'armu. Ni ne mai buɗe ƙofa, ni ne mai jera mitoci da wayoyi a kan tebura goma sha biyu, ni ne kuma mai share ɓarnar da aka bari. Ɗalibai suna ce mini Baba Lab, wato Baban ɗakin gwaji. Malamai ba sa ce mini komai sai ranar da fanka ta tsaya a ofisoshinsu. Ban iya dogon zance ba, kuma ban cika yarda da masu yinsa ba. A wurin nan na ga mutanen da za su yi awa biyu suna bayani a kan ci gaban fasaha, amma a ba su fis su canja sai gumi ya karyo musu.

Mutum ɗaya na ware daga cikinsu, shi ne wanda ake kira Malam Alli. Sunan ya samo asali ne daga farin allin da ba ya rabuwa da hannun rigarsa da girarsa. An kawo farin allo da maka, wato alƙalamin da ake rubutu da shi a kansa, ya ce maka tana bushewa a tsakiyar lissafi, ya sa aka bar masa tsohon baƙin allo ɗaya a aji na ƙarshen baranda. Ɗan tela ne. Ya taɓa gaya mini cewa a shagon mahaifinsa ya fara sanin cewa idan ka yanka yadi ba daidai ba, babu bayanin da zai mayar da shi. Matarsa malamar jinya ce, suna da 'ya'ya mata uku, yana da wata tsohuwar mota wadda ƙofar direba ba ta buɗuwa sai ta ciki. Shekara ashirin da bakwai yana koyar da darasi ɗaya ga 'yan aji ɗaya: Liniya Aljabara, wani reshen lissafi, wanda yara suka gajarce zuwa Liniya. Waɗanda ya koyar sun zama farfesoshi sun wuce shi, shi kuwa yana nan, don lokacin da wasu suke rubuta maƙalun neman ƙarin girma shi yana duba takardu ɗari uku da jan biro, layi bayan layi.

A shekarar da nake ba da labari, kwamitin sashe ya zauna ya ce yara suna faɗuwa Liniya da yawa, kuma hakan yana ɓata wa sashe suna. Aka ce maganin shi ne a cire shi daga darussan dole a mayar da shi na zaɓi. Aka kuma ajiye masa abokin takara, wani sabon darasi mai suna Dabarun Shugabanci, wanda duk wanda ya sa hannu a takardar halarta ya ci. Sharaɗin da aka gindaya shi ne: idan mutum arba'in ba su yi rajistar Liniya cikin mako biyu ba, a rufe shi, a tura Malam ofishin tsara jarrabawa ya ƙarasa shekarunsa yana haɗa takardu. 'Yan aji ɗaya a lokacin sun haura ɗari uku. Arba'in kawai ake nema.

Ranar Litinin Malam ya shigo mini ina warware wayoyin da aka cukurkuɗe. Ya ja kujera ya zauna.

"Sarkin waya, taimako na zo nema."

"Idan motarka ce, na gaya maka ta wuce gyara, sai addu'a."

"Motar tana lafiya, ta gaishe ka. Wasiƙa zan rubuta wa sababbin yaran nan, in gaya musu amfanin darasin."

Na ce masa, "Malam, yaran da ba sa karanta gargaɗin da na liƙa a jikin soket, su za su karanta wasiƙa? Ka yi shekara ashirin da bakwai kana magana. Yanzu kuma takarda ce za ta yi abin da bakinka bai yi ba?"

Ya ce, "Shi ya sa na zo wurinka. Ba na son in rubuta abin da ke cikin littafi. Gaya mini abin da suke lalatawa a nan."

Wannan tambayar ta burge ni, don ba a taɓa yi mini ita ba. Na kai shi kusurwar da kwamfutoci suke. Na ce masa duk shekara, idan 'yan aji biyu suka zo gwajin da'irar lantarki, sai an kira ni aƙalla sau ashirin wai kwamfuta ta lalace. Ana ba su da'ira mai mahaɗa uku, wato wurare uku da wayoyi suke haɗuwa, a ce su nemo ƙarfin wutar kowace mahaɗa. Sai su rubuta layin lissafi ɗaya ga kowace mahaɗa, uku ke nan, su zuba a kwamfuta, ita kuma ta fito da jan rubutu ta ƙi ba da amsa. Su kashe su kunna, su buga tebur, su kira ni. Ni kuma abin da na sani shi ne in ce, "Ku ɗauki mahaɗa ɗaya ku ce sifili ce, ku auna sauran daga gare ta." Haka wanda na gada ya koya mini, kuma yana aiki. Dalilinsa ban taɓa sani ba.

Malam ya ɗauki guntun alli daga aljihu ya rubuta a kan teburina, bai ko nemi izini ba. Ya ce duk wutar da ta fita daga wata mahaɗa, wata ta shiga. Saboda haka idan ka san labarin biyu, na ukun ba shi da sabon abin faɗa. "Kamar shaidu uku ne a gaban alƙali, na ukun bai ga komai ba, abin da biyun suka faɗa ya haɗa ya maimaita. Kana da abu uku da ba ka sani ba, shaidu biyu gare ka. Kwamfutar gaskiya take gaya musu, su ne ba su jin yarenta."

Na nuna masa kuma farantin alminiyon da wani ɗan ajin ƙarshe ya lalata a injin yanka. Ya so ya juya zanen sannan ya matsar da shi gefe, sai ya ba inji umarnin a juye, aka huda ramuka a inda ba a so. Malam ya ɗauki farantin ya jujjuya, ya ce zai ara.

Bayan kwana biyu ya dawo da farantin, ya kuma kawo mini wasiƙar, shafi biyu da rubutun hannu. Ga wani yanki daga ciki, don na ajiye kwafi:

"Ɗalibaina, ba zan ce muku darasin nan mai sauƙi ne ba. Ku gwada wannan. Akwai lambobi uku, a da b da c. An ce a da b sun haɗu sun ba da biyar. An ce b da c sun ba da bakwai. An ce a, da b sau biyu, da c, sun ba da goma sha biyu. Ku nemo su. Wani zai ce ɗaya, huɗu, uku, kuma ya yi daidai. Na kusa da shi zai ce biyu, uku, huɗu, shi ma ya yi daidai. Bayani na uku jimlar biyun farko ne kawai, bai ƙaro komai ba. Da layi uku ido yana iya ganewa. Amma injiniyan da yake lissafin nauyin da kowane ƙarfe na gada zai ɗauka, ko wutar da za ta bi kowace waya a gari, layi dubbai ne a gabansa. Yana jera lambobin cikin sahu-sahu, abin da muke kira matiriks, kwamfuta ta warware. Darasin nan shi zai koya muku yaushe amsa take guda ɗaya, yaushe take da yawa, yaushe kuma babu ita sam.

"Sannan ku tashi tsaye. Ku juya dama ku yi taku uku. Ku dawo inda kuka fara, ku fuskanci inda kuka fuskanta da farko, ku yi taku uku sannan ku juya dama. Ba wuri ɗaya kuka tsaya ba. Kowane motsi irin wannan ana rubuta shi da matiriks, yin ɗaya bayan ɗaya kuma shi ne ninka su, kuma a nan wanda aka fara da shi yana da muhimmanci, ba kamar biyu sau uku da uku sau biyu ba. Da wannan hannun inji yake sanin inda zai je, da shi kuma ake juya hoto a fuskar kwamfuta. Hoton da ke cikin wayarku ma lambobi ne a jere, kowane ɗigo da lambobinsa na haske da launi. Wanda yake shakka ya je ɗakin gwaji, akwai farantin da aka huda ba daidai ba, ya nemi a nuna masa."

Na karanta sau biyu. Na ce masa, "Ba laifi. Babu kumfa a ciki."

A ƙa'ida, duk takardar da za a raba wa ɗalibai sai ta bi ta ofishin shugaban sashe. Shugaban farfesa ne, kuma yana cikin waɗanda Malam ya koyar a shekarunsa na farko. Ranar Alhamis aka kira ni in duba na'urar sanyaya ɗakinsa, ina kan tsani Malam ya shigo karɓar amsa. Mutum a kan tsani ba a lissafa shi cikin mutane, don haka a gabana aka yi komai.

Farfesa ya ce, "Malam, wasiƙa ta yi kyau ƙwarai. Sai dai akwai ɗan kuskure, na sa an cire. Misalin nan naka na farko, na zauna na gwada, ba ya ba da amsa ɗaya. Kada yara su yi mana dariya."

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ai shi ne abin da misalin yake nunawa."

"To, ko ma dai mene ne, lambobi suna tsorata yara. Kuma wannan na a tashi a juya dama, ai ba makarantar firamare muke ba. Na ɗan gyara harshen. Shafi ɗaya ya isa."

Na sauko da ido na ga takardar da ya miƙa. An buga ta da tambarin sashe, sunan Farfesa a ƙasa, na Malam babu. Ta fara da cewa a wannan zamani na juyin juya halin fasaha, wajibi ne matasa su rungumi ilimin lissafi domin gina gobe mai haske. Haka ta ci gaba har ƙasa. Ko lamba ɗaya babu, sai kwanan wata. Mutumin da ya jagoranci zaman da aka yanke wa darasin wuya, shi ne ya sa hannu a kan yabonsa. A kashe mutum, a kuma riga kowa zuwa gaisuwa.

Malam ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe," ya fita. Wannan godiyar ta fi komai ƙona mini rai. Na same shi a baranda na ce, "Ka tsaya ana yi maka aski da kwalba kana godiya?"

Ya ce, "In yi faɗa da shi, ya riƙe takardar har rajista ta ƙare?"

"Ai gara ya riƙe. Wannan da ya saki, ko ni na karanta sai in zaɓi Shugabanci."

Aka liƙa ta a allon sanarwa. Washegari wani ya manna tallar ɗakin haya a kan rabinta. Zuwa ƙarshen makon farko mutum tara ne suka yi rajista. Manyan ɗalibai kuwa sun riga sun zagaya sun yi wa ƙanana huɗuba: kada wanda ya kai kansa mahallaka, Malam Alli ba ya jin roƙo, a je inda ake samun maki a zaune. Ban ga laifinsu sosai ba. Abin da suka ga manya suna yi suke yi.

A gida na kasa cin abinci da daɗi. Uwar yarana ta ce, "Kai da ba malami ba, ba shugaba ba, me ya yi maka zafi?" Na ce mata ni ne zan zauna da waɗanda ba su koya ba, shekara uku kowane, suna ƙona mini kaya.

Makon na biyu shi ne makon da ake kawo 'yan aji ɗaya rukuni-rukuni in nuna musu dokokin ɗakin gwaji: kada a taɓa wannan, kada a shigo da ruwa, ga inda ake kashe wuta. Awa guda ake ba ni, minti goma sha biyar ya ishe ni. Dokar ofis ta ce takardar da za a raba ce sai ta bi ta wurin shugaba. Ba ta ce komai a kan abin da ke liƙe a teburin aikina ba. Na karɓi rubutun hannun Malam na yi kwafi goma sha biyu, na manna ɗaya a kowane tebur da salatif. Na ajiye farantin alminiyon a tsakiya.

Da na gama dokoki sai in ce, "Kowa ya tashi. Juya dama, taku uku." Su yi ta dariya suna karo da juna. In sa su sake, taku uku sannan juyi. Sai in ɗaga farantin in ce, "Wanda ya yi wannan saura wata huɗu ya zama injiniya. Kwana biyu na yi ina neman wani farantin." Sannan in raba su biyu in ba su lambobin nan uku, in bar su su yi gardama kowa yana rantsuwa tasa ce daidai.

Wani dogon yaro mai ƙaton agogo ya ce, "Baba Lab, duk wannan ai kwamfuta tana yi. Me zai sa in wahalar da kaina?"

Na zaunar da shi gaban kwamfuta na sa ya zuba layukan uku. Jan rubutu ya fito. Na ce, "To ga ta, ta yi. Me ta ce?"

"Ta lalace ne."

"Haka yayyenka suke cewa. Tashi ka ba wani wuri."

Wata yarinya siririya mai tabarau ba ta shiga gardamar ba, tana can tana rubutu a bayan hannunta. Da aka watse ta tsaya. Ta ce, "Baba, idan aka mayar da goma sha biyun nan goma sha uku, babu amsa ko ɗaya ke nan, ko? Tunda biyar da bakwai ba za su ba da sha uku ba."

Na ce, "'Yata, ni mai waya ne. Aji na ƙarshen baranda, ki nemi mai farin gira." Da Malam ya ji, sai da ya cire tabaransa ya goge. Ya ce abin da yake koyarwa a mako na uku ke nan.

Lamba ta fara hawa. Talata sha shida, Laraba ashirin da huɗu. Sakatariyar sashe, wadda ita ta buga gyararriyar wasiƙar kuma kunya ta hana ta haɗa ido da Malam, ita take leƙo mini ta taga ta nuna da yatsu. Rukuni biyu na ƙarshe, kusan mutum tamanin, ranar Alhamis da Juma'a za su zo. Na ƙirga na ga za a kai.

Ranar Alhamis da safe aka aiko cewa an soke zagayen ɗakin gwaji na kwana biyun. Duk 'yan aji ɗaya su hallara a babban zaure, za a yi taron ƙaddamar da darasin Dabarun Shugabanci, da baƙi da masu ɗaukar hoto. Ban ce da gangan aka yi ba. Ba na ma tsammanin sun san abin da nake yi, kuma wannan ya fi muni. Ni aka sa na haɗa lasifika. Ina tsugune bayan dandamali ina riƙe da wayar da ke motsi, Farfesa ya hau ya yi minti arba'in, har ya karanta sakin layi guda daga waccan wasiƙar tasa a kan muhimmancin lissafi ga gobe mai haske. Aka tafa. A bakin ƙofa an ajiye tebur da fom, kowa ya fito ya sa hannu.

Ƙarfe huɗu na Juma'a aka rufe rajista. Talatin da ɗaya.

Malam ya je ofis da takardar sunayen. Wannan karon bai yi godiya ba, sakatariya ce ta ba ni labari. Ya ce mutum tara ne kawai suka rage, a ƙara masa kwana uku. Farfesa ya ce shi ma abin ya dame shi matuƙa, amma ƙa'ida ƙa'ida ce, kwamiti ne ya yanke, hannunsa a ɗaure yake. Ya ƙara da cewa ai za a saka muhimman abubuwan cikin darasin lissafi na gama-gari, mako biyu ya wadatar. Aka kwashe talatin da ɗayan aka zuba su a Shugabanci, ba a tambayi ko ɗaya ba.

Litinin aka ba Malam tebur a ofishin jarrabawa, tsakanin kabad biyu, da na'urar huda takarda. Na je na gan shi yana jera sunayen ajujuwa da lokuta. Yana yi da kyau, yadda yake yin komai, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Da yamma ya biyo ta ɗakin gwaji ina rufe tagogi.

"Sarkin waya, ƙarfe nawa kake tashi ranar Laraba?"

"Huɗu. Ka sani."

"Yarinyar nan mai tabarau ta zo da wasu. Na gaya musu babu maki, babu jarrabawa, ba zai fito a takardar kowa ba. An ba wa Shugabanci ajina. Allo nake nema."

"An hana buɗe ɗakin nan bayan lokacin aiki. In wani abu ya ɓace, wuyana ne."

"Na sani. Shi ya sa nake tambaya, ban ce dole ba."

Na dube shi, tsoho da jaka mai tsinkakken hannu yana roƙon wurin da zai yi aikin da aka ɗauke shi ya yi. Na ce, "Ƙarfe shida zan rufe. Ko minti ɗaya ba zan ƙara ba. Kuma kada ka sake rubuta mini a kan tebur."

Mutum sha ɗaya suka zo Larabar farko. Da aka shiga wuya suka koma shida, a haka suka tsaya har ƙarshen zango. Sauran ɗari uku suka ci Shugabanci da maki mai kyau, sashe ya samu takardar yabo saboda raguwar masu faɗuwa, aka sa mata gilashi aka kira ni in kafa ƙusa. Na kafa. Uwar yarana ta daina ajiye mini abinci da zafi ranar Laraba, ta ce wanda ya ɗauko wa kansa aikin da ba a sa shi ba ya iya ɗumama tuwonsa.